Kasusuwan tafsirin mahaifina: yaya zan juye su a ordinata ba tare da muryar ta lalace ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina nan Maradi, unguwar Bagalam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana kaset wajen 60 na tafsirin da yake yi da azumi, da kaɗan na bukukuwan gida. Na haɗa rediyo mai kaset da ordinata ta ramin makirfo, na ɗauka da manhajar Audacity. Muryar tana fashewa in ya ɗaga ta, akwai wani gurnani a ƙasa, ga "shiii" da ƙas-ƙas. Da na sa abin rage ƙara sai ya zama kamar yana magana daga cikin randa. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa karatun da ya bari ya zama haske a kabarinsa.

Abin da ka riga ka ɗauka kada ka ci gaba da wahalar gyara shi. Ka sake ɗauka daga farko. Cikin abubuwa huɗu da ke damunka, biyu, wato fashewar da gurnanin, da alama ba a cikin kaset ɗin suke ba, hanyar da ka bi ce ta haifar da su, kuma babu manhajar da za ta cire su da kyau bayan sun shiga.

Ramin makirfo an yi shi ne domin sauti mai rauni ƙwarai, ƴan milibolt kaɗan. Abin da ke fitowa daga na'urar kaset ya kai wajen milibolt 300, wani lokaci fiye. Ka ga kenan kana ɗura ruwan tulu a kofin shayi. Sautin yana fashewa tun a bakin ramin, kafin ya isa Audacity, shi ya sa ko ka ja ma'aunin ɗauka ƙasa za ka samu ƙaramar murya amma fasasshiya. Ƙari a kan haka, ramin makirfo na yawancin ordinata layi ɗaya yake ɗauka, kuma Windows kan sa masa hannu da kansa, ya ɗaga sauti in an yi shiru, ya danne shi in an yi magana. Wannan ɗagawar ce ke sa "shiii" ya taso duk sa'ad da Malam ya tsaya ya ja numfashi.

Maganinsa ƙaramin akwatin sauti na USB mai ramukan shiga guda biyu, ja da fari, waɗanda aka rubuta wa `LINE IN` ko `INPUT`. Behringer UCA202 misali ne da aka sani, kuma ya wadatar da kaset. Ka nema a wurin masu sayar da kayan sauti na masallatai da biki, in babu a ba da saƙo Katsina ko Kano. Abin da ba na ba ka shawarar saya shi ne ƴar ƙaramar rakodar nan ta roba mai igiyar USB da ake tallata cewa tana juye kaset kai tsaye. Injinta ba ya riƙe gudu ɗaya, murya tana rawa, kuma wannan rawar ba ta gyaruwa daga baya. Tsohuwar na'urar kaset ta falo mai ramukan `LINE OUT` a baya ta fi ta nesa ba kusa ba. In rediyon hannu kaɗai gare ka, ka fita ta ramin abin sauraro na kunne, ka sa maɓallin ƙara a wajen kashi ɗaya cikin uku, maɓallan kauri da siririn sauti kuma a tsakiya.

Kafin ka sa kaset ɗin Malam ko ɗaya a na'urar da ta shekara goma tana shan ƙurar hunturu, ka gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. Buɗe ƙofar ka duba abubuwa uku da zaren ke gogawa: kan ƙarfe mai sheƙi da ke tsakiya wanda shi ke karanta sauti, siririn ƙarfen da ke juyawa, da ƴar tayar roba da ke matse zaren a jikinsa. Ka jiƙa auduga a tsinke da alkol mai ƙarfi, kashi 90 cikin ɗari ko sama, ka goge kan da ƙarfen har audugar ta daina fitowa ja-ja. Tayar kuwa da ɗan ruwa kaɗan ya fi, don alkol na busar da roba in an yawaita. Idan tayar ta yi tauri tana ƙyalli kamar kwalba, ko robar da ke ja injin ta saki, kai wa mai gyaran rediyo ya canza, domin irin wannan tayar ce ke cin zare. Tsofaffin kasusuwa suna zubar da garin jikinsu, saboda haka ka maimaita gogewar bayan kowane kaset biyu ko uku.

Su kansu kasusuwan, fara da ɓalle ƴan haƙoran nan biyu na saman kowanne, don kada hannu ya kuskure ya danna maɓallin ɗauka ya shafe karatu. Sai ka leƙa tsakiyar bakin kaset, ƙarƙashin zaren: akwai ɗan soso mai kusurwa huɗu a kan siririn ƙarfe, shi ke danna zaren a jikin kai. Zafin Maradi na watan Afirilu da Mayu yana kashe gam ɗinsa ya faɗi. Kaset ɗin da ba shi da wannan soson zai fito a dushe, sauti na zuwa yana tafiya. A ciro na wani kaset a manna, ko a kwance ƙusoshi biyar na sabon kaset a mayar da zaren cikin gidansa. Kowane kaset ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya kafin ɗauka, don zaren ya saki jiki. Wanda ka ji yana kuka "ƙiii" ko yana tafiya da ƙyar, tsayar da shi nan take. Masu lamba C120 zarensu ya fi kowanne siriri, su ka bari sai hannunka ya faɗa.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ya fi komai tasiri a kan "shiii". A gefen kan da ke karanta sauti akwai ƙusoshi biyu, ɗaya a ɗaure tam, ɗaya kuma tana zaune a kan ɗan waya mai lanƙwasa. Wannan ta biyun tana karkata kan zuwa hagu ko dama. Rakodar da aka ɗauki Malam da ita a masallaci tana da nata karkacewar, taka kuma tana da nata. In ba su dace ba, siraran sautuka su ne ke fara ɓacewa: sin da shin da sad su dushe, muryar ta zama kamar an rufa mata bargo. Shi kuwa "shiii" na jikin zaren bai damu da karkacewar ba, yana nan yadda yake. Sai mutum ya ga kamar ƙarar ce ta yi yawa, alhali muryar ce ta ragu. Sa kaset yana tafiya, sa abin sauraro a kunne, ka ɗauki ƙaramin turnabis wanda ba shi da maganaɗisu, ka juya ƙusar kaɗan-kaɗan, abin da bai wuce kwatan zagaye ba zuwa kowane gefe. Za ka ji wurin da muryar ta washe, in ka wuce ta sake dushewa. Nan za ka tsaya. In na'urar tana da maɓallin `MONO` ka danna shi yayin wannan gwajin, bambancin ya fi fitowa fili. Ka sa ɗigon alama a inda ƙusar take tun asali. Kuma ka sake gwadawa ga kowane kaset, har ga kowace fuska, tunda ba lallai da rakoda ɗaya aka ɗauke su duka ba.

Maɓallin Dolby ka bar shi a kashe, sai in an yi alama a takardar kaset cewa da shi aka ɗauka. Dolby B yana rage "shiii" da wajen desibel 10, amma ga kaset ɗin da aka ɗauka da shi kawai. A kan wanda ba a ɗauka da shi ba, muryar yake dusarwa. Kasusuwan wa'azi da aka ɗauka da rediyon hannu kusan duka ba su da shi. Maɓallin nau'in zare kuma a `NORMAL`, sai kaset ɗin da aka rubuta wa `CrO2` ko `Type II`.

Sai gurnanin. Kuran ɗin Nijar yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma shi kake ji, tare da ƴaƴansa a 100 da 150. Tambayar ita ce a ina yake shigowa, kuma gwajin minti ɗaya ne. Fara ɗauka, kunna kaset, sannan ka danna `PAUSE` a na'urar. In gurnanin ya tsaya tare da zaren, to a cikin kaset yake tun ranar da aka ɗauka, sai dai a rage shi daga baya. In ya ci gaba, daga ɗakinka ne. Zare cajar ordinata daga bango ka saurara. Sau da yawa nan take yake mutuwa. To sai ka cika batir ka riƙa ɗauka a kansa, fuska ɗaya ta C90 minti 45 ce kawai. Igiyar sauti ta zama gajera, kada ta kwanta a kan igiyar kuran ko kusa da akwatin daidaita wuta, wayar hannu kuma a fitar da ita daga ɗakin. In da hali kada ka ɗauka a kan janareto.

A Audacity ka zaɓi akwatin USB a matsayin abin ɗauka, layi biyu, `44100 Hz`, `32-bit float`. Sunayen da zan ambata na Turanci ne. In naka da Faransanci yake, ana canza harshen a `Preferences`, sashen `Interface`. A saitin sauti na Windows ka kashe duk wani abin da ke cewa yana inganta sauti ko daidaita shi da kansa.

Ma'aunin ɗauka yana ƙarewa a 0 dB, kuma wannan rufi ne na siminti. A zamanin kaset in allura ta ɗan shiga ja babu laifi, sautin kan ɗan yi kauri ne kawai. A ordinata duk abin da ya taɓa 0 an fille masa kai, kuma abin da aka fille ya tafi. Saboda haka nemo wurin da ya fi ƙarfi a kaset. A tafsiri ba maganar Malam ba ce yawanci. Wurin da mai jan baƙi ya ɗaga murya ne, ko inda jama'a suka yi kabbara ko salati gaba ɗaya. Saita ƙarar yadda wannan wurin zai tsaya tsakanin -9 da -6 dB, maganar yau da kullum kuma ta riƙa yawo a wajen -18 zuwa -12. Za ka ga zanen sautin ya yi ƙanƙanta a allo, kada ya dame ka. Akwati mai bit 16 yana da faɗin wajen desibel 96 tsakanin shirunsa da rufinsa, kaset marar Dolby kuwa da ƙyar yake wuce 55. Ko ka bar desibel 12 a sama, ƙarar akwatin tana can ƙasa da ta zaren, ba za a ji ta ba. Ƙara sauti daga baya ba ya cin komai. Kunna `Show Clipping in Waveform` a menun `View`: duk inda aka fille zai fito da jan layi. Akwai tarko ɗaya a nan: idan saman zanen ya yi shafal kamar an yanka da wuƙa alhali bai kai 0 ba, to fashewar ta faru ne kafin ordinata, sai ka rage daga na'urar kaset. In kuma ka rage har ƙasa fashewar tana nan a wuri ɗaya, to tun a masallaci aka ajiye rakoda a bakin lasifika, wannan kam ya zama jikin kaset.

Ka fara ɗauka kafin ka danna `PLAY`, ka bar fuskar ta tafi har ƙarshe ba tsayawa, kada ka taɓa maɓallin ƙara a tsakiya. Da ta ƙare, kafin kowane gyara, fitar da ita a WAV ko FLAC da suna mai ma'ana, kamar lambar kaset da fuska da shekara da sura. Wannan ita ce uwa, ba a taɓa ta. WAV mai bit 16 da layi biyu yana cin wajen mega 10 a minti, wato C90 guda kusan mega 950. Kaset 60 za su nemi wajen giga 57, FLAC kuma ya rage kusan rabi ba tare da an rasa komai ba. A ajiye a wuri biyu, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa.

Bari mu bi fuska ɗaya ta tafsiri a kan kwafi, daga farko zuwa ƙarshe. Tunda rakodar masallaci layi ɗaya ta ɗauka, saurari hagu da dama daban-daban. Sau da yawa hagu ya fi yankewa, domin shi ne a gefen zaren inda ake samun lanƙwasa. In ɗaya ya fi tsabta ka riƙe shi kaɗai. In duka lafiya suke ka haɗe su su zama ɗaya, wannan ma yana ɗan rage "shiii".

Daga nan ka zaɓi daƙiƙa goma inda gurnanin ke fitowa, ka buɗe `Plot Spectrum` a menun `Analyze`, ka sa `Size` a 65536 don ka ga lambar daidai. A ce ka ga tsini a 52 Hz da wani a 104. Wannan ya gaya maka abu biyu. Na farko, inda za ka yanka. Na biyu, kaset ɗin yana gudu fiye da yadda aka ɗauke shi da kashi 4 cikin ɗari, tunda kuran 50 ne. Shi ya sa muryar Malam za ta yi maka ɗan siriri fiye da yadda ka san ta. Gudun kaset na ƙa'ida santimita 4.76 ne a daƙiƙa, amma rakodar da ta tsufa takan yi ƙasa da haka. Raba 50 da 52, ka samu 0.962, ka sa wannan a `Change Speed`, wanda sababbin fitowa ke kira `Change Speed and Pitch`. Sai dai in da janareto aka yi karatun a daren, lambar ba abin dogaro ba ce, kunnen wanda ya san muryarsa shi ne alƙali. Bayan gudun ya daidaita, sa `High-Pass Filter` a 70 Hz da gangaren 24 dB. Muryar namiji ba ta da abin kirki a ƙasa da nan. Abin da ya rage a 100 da 150 ka cire da `Notch Filter`, ɗaya bayan ɗaya, `Q` a wajen 10 zuwa 20 don yankan ya yi siriri. In ka bar shi a 1 zai kwashe kaurin muryar tare da gurnanin.

Ƙas-ƙas shi ke biye, kuma dole ya riga rage "shiii". A faifan garmaho ƙura da karce ke kawo shi, dubbai a waƙa ɗaya, shi ya sa aka yi `Click Removal`. A kaset kuwa yawanci ƴan kaɗan ne: an kunna fanka, an taɓa makirfo, an tsayar da rakoda an sake tayarwa. Ka fara tabbatar da na kaset ne: sake kunna wurin, in ƙarar ba ta dawo a daidai kalmar ba, daga firjin gidanka ko ordinata ta fito, sai a sake ɗaukar fuskar. Na cikin kaset kuwa da hannu ya fi. Faɗaɗa zanen har ka ga tsinin kamar ƙaya, zaɓe shi kaɗai, ka sa `Repair`. Ba ya karɓar fiye da ɗigo 128, wato ƙasa da kashi uku cikin dubu na daƙiƙa, yana cike gurbin daga abin da ke gefe da gefe. Wanda ya fi haka tsawo, in a cikin shiru yake, yanke shi. Ban so ka saki `Click Removal` a kan fuska gaba ɗaya, domin harufan ƙalƙala da ƙ da ɗ da ts na Hausa a wurinsa duk ƙas-ƙas ne, zai iya gutsure su. In wani yanki ya yi yawa, zaɓi yankin kaɗai, ka fara da yadda yake zuwa, `Threshold` 200 da `Max Spike Width` 20, ka saurara kafin ka amince.

Sai muryar cikin randa. `Noise Reduction` yana aiki ne da samfurin da ka ba shi: ka nuna masa wuri ka ce wannan ce ƙara, shi kuma ya danne duk abin da ya yi kama da ita. Kuskure biyu ke kawo randa. Ɗaya, samfurin bai da tsabta, akwai numfashi ko tari ko amsa-kuwwar masallaci a ciki. Biyu, an nemi ya cire da yawa. Samfurin kirki shi ne daƙiƙa ɗaya ko biyu na zaren mai launin ƙasa yana tafiya ba kowa na magana. Farar robar farkon kaset ba ta da amfani a nan, ba ta ɗauke da ƙarar zare. Zaɓi wurin, danna `Get Noise Profile`, sannan ka zaɓi fuskar duka ka koma ka sa:

```
Noise reduction (dB): 6
Sensitivity: 6.00
Frequency smoothing (bands): 6
```

Kafin ka danna amincewa, zaɓi `Residue` ka saurara. Wannan yana jiyar da kai abin da za a zubar. In iska kaɗai ka ji, madalla, sai ka mayar da shi kan `Reduce` kafin ka amince. In kana iya tsintar kalmomin Malam a ciki, to naman kake yankewa, rage `Sensitivity` zuwa 4 ko ka sake samfuri. Kana iya hawa zuwa 9 dB, a kaset mai tsabta har 12, amma daga nan ƙarshen kalmomi ke fara yin ƙara kamar ana kaɗa ƙarfe a ruwa. Ni a ganina "shiii" kaɗan ya zauna. Kunne yana mantawa da shi cikin minti biyu saboda ba ya canzawa, amma ba ya mantawa da murya mai kumfa, kuma a karatun Alƙur'ani harafin da ya dushe asara ce ta gaske. Kowane kaset da nasa samfurin, kada ka ɗauki na ɗaya ka shafa wa sittin.

Na ƙarshe `Normalize`, da alamar `Remove DC offset` a kunne, a -1 dB. In kabbara ɗaya mai ƙarfi ta hana sauran tashi, zaɓe ta kaɗai ka rage ta da `Amplify` kamar desibel 4 zuwa 6, sannan ka sake. Abin da za a raba wa dangi da ɗalibansa a waya ko katin memuwar ka fitar a MP3, layi ɗaya, 96 kbps ya isa magana. Minti 45 zai zo wajen mega 32. A WhatsApp ka tura shi a matsayin takarda, don ya isa da sunansa da ingancinsa. Kasusuwan bukukuwa masu kalangu da guɗa kuwa, saita ƙarar a kan guɗar, ka sauke `High-Pass Filter` zuwa 40 Hz don kada ka kashe gindin ganga, MP3 ɗin kuma a 192. Su kaset ɗin a mayar da su gidajensu a tsaye, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da lasifika da rufin kwano, domin wata rana za ka iya samun na'urar da ta fi wannan ka so ka sake ɗaukar waɗanda suka fi daraja.